Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba: Nuna Ƙwazon Ciniki Ba Tare Da Tona Asiri Ba

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya yi sallama, da kwamfutarsa a hamata. Shekara uku ke nan yana aikin tallan kaya a wani kamfanin sabulu, shi ke kula da dilolin Kano da Jigawa da wani yanki na Katsina. Wani kamfanin ne ya gayyace shi ganawar neman aiki, aka ce ya zo da bayanin abin da ya taɓuka a inda yake, a ba shi minti goma ya gabatar.

"Kawu, duba mini ko akwai gyara," in ji shi.

Shafin farko sunansa ne da hotonsa. Shafi na biyu kuwa, sai da na gyara zama. Ya jera sunayen diloli talatin da biyu, kowa da garinsa, da katan nawa yake ɗauka a wata, da kuɗin da ya biya a bara. A gefe har da jan layi a kan mutum huɗu da ake bi bashi.

Na ce masa, "Wannan takardar ta wace ce?"

Ya ce, "Tawa ce mana, Kawu. Ni na yi wahalar. Rabin mutanen nan ni na nemo su da ƙafata."

Gaskiyarsa, wahalar tasa ce. Amma takardar ba tasa ba ce. Alƙaluman na kamfanin da ke biyansa albashi ne, sunayen kuma na mutanen da suka amince da shi ne har suka bari ya ga cikin shagonsu da cikin aljihunsu. Abin da ke nasa shi ne bambancin da ya kawo, wato yadda ya samu yankin da yadda ya mai da shi. Wannan bambancin kaɗai mai ɗaukar aiki yake bukatar gani, kuma ana iya nuna shi sarai ba tare da an ambaci naira ko ɗaya ko sunan kowa ba. Sai dai aikin ya wuce goge suna da rufe lamba, domin mai hankali yana iya haɗa gutsattsarin da ka bari ya dawo da abin da ka ɓoye. A nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe.

Mun kai kusan sha biyun dare muna gyaran takardar. Alƙaluman da zan kawo a nan na sauya su, na bar tsarin lissafin kawai yadda yake.

Mai da shekarar farko ɗari

A ce a 2022 ya sayar da katan 40,000, a 2023 ya sayar da 46,000, a 2024 kuma 54,000. Waɗannan su ne lambobin da bai kamata su fita daga ofis ba, domin duk abokin hamayyar da ya gan su ya san girman kasuwar kamfanin a jihohi uku.

Dabarar ita ce a ɗauki shekarar farko a kira ta 100, sauran shekarun a auna su da ita. Ana raba cinikin kowace shekara da na shekarar farko, a ninka da ɗari. Katan 46,000 a raba da 40,000 ya ba da 1.15, wato 115. Katan 54,000 ya ba da 135. Sai ya rubuta: 2022, 100, 2023, 115, 2024, 135. Duk wanda ya kalli wannan ya ga ciniki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari a shekara biyu, ya ga kuma ƙaruwar ba ta tsaya ba. Amma ko katan dubu huɗu aka fara da su ko dubu ɗari huɗu, babu yadda zai sani. Irin wannan ma'aunin ne hukumomin ƙididdiga ke amfani da shi wajen auna tashin farashi, don haka duk manajan da ya san aikinsa zai gane shi da kallo ɗaya.

A nan muka ɗan yi ja-in-ja. Shi so ya yi ya auna da naira, don ta fi cika ido. Katan ɗin da ake sayarwa 6,000 a 2022 ya koma 9,000 a 2023, ya kai 14,000 a 2024. In aka yi lissafi, cinikinsa ya tashi daga naira miliyan 240 zuwa miliyan 414, sannan miliyan 756. A ma'aunin ɗari, wannan ya zama 100, sai kusan 173, sai 315. Ya ce, "Kawu, ka ga na ninka ciniki sau uku."

Na ce masa ba shi ya ninka ba, tsadar kaya ce ta ninka. A tsakiyar 2023 aka saki darajar naira, dalar da ake canzawa kusan 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Ko wanda ya kwanta barci a shago, cinikinsa a naira ya ƙaru a waɗannan shekarun. Mutumin da zai zauna gabanka a ganawar ya sha wannan zafin a nasa kamfanin, ya kuma san cewa da yawa kuɗin ya ƙaru amma kayan da ke fita sun ragu. In ka ce masa 315, tambayar farko da zai yi ita ce katan nawa. In ka ce masa katan ya ƙaru da kashi 35 a lokacin da mutane ke rage sayayya, ka gama da shi. Ɓoye lamba ba lasisin ƙawata ta ba ne. Wanda ya ɓoye alƙalumansa yana neman a yarda da bakinsa ne kawai, saboda haka dole abin da ya faɗa ya zama wanda ba ya tsoron a bincika.

Akwai wasu awo biyu da muka ƙara, waɗanda ba sa fallasa komai. Na ɗaya, abin da aka ɗora masa ya sayar da abin da ya sayar. An ce ya kawo katan 50,000 a 2024, ya kawo 54,000, sai ya rubuta cewa ya cika kashi 108 cikin ɗari na abin da aka nema. Na biyu, matsayinsa a cikin abokan aiki: shi ne na biyu a cikin masu talla tara. Bai ce wane ne na ɗaya ba, bai kuma ce nawa ne tsakaninsu ba.

Lamba ɗaya da ke buɗe sauran

Mun gama wannan shafin, sai na ga a ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya ƙara wa kamfani katan 14,000. A ganinsa wannan ba jimlar ciniki ba ce, ƙari ne kawai, don haka ba laifi.

Na miƙa masa wayata na ce ya buɗe wajen lissafi. In kashi 35 cikin ɗari shi ne katan 14,000, to ɗari nawa ne? Ya raba 14,000 da 0.35, sai ga 40,000 ta fito. Daga nan 115 ta koma 46,000, 135 ta koma 54,000. Farashin katan kuwa ba sirri ba ne, duk wanda ya shiga kasuwar Singa ya tambaya za a faɗa masa. A ninka kawai, an samu cinikin yankin a naira. Duk abin da muka ɓata sa'a guda muna rufewa, layi ɗaya ya buɗe shi.

Ma'aunin ɗari kamar kwaɗo ne, ainihin lamba guda ɗaya kuma ita ce makullinsa. Saboda haka a cikin bayani ɗaya, ko dai ka yi magana da kaso, ko ka yi da adadi, kada ka haɗa su a kan abu guda. Kuma makullin ba a takarda kaɗai yake ba, yana iya faɗowa daga baki. Mutum ya gama nuna zanensa lafiya lau, ana cikin hira ya ce, "Ai a wata tirela kaza muke saukewa a Kano." Wanda ke sauraro ya san katan nawa tirela ke ɗauka. Ko ya ce kamashonsa na bara ya kai kaza, alhali ya riga ya faɗa cewa kashi ɗaya cikin ɗari ake ba su. Wannan ta kamasho ta fi kama mutane, domin sau da yawa sabon kamfani kan nemi takardar albashi. In kamasho na ciki, kuma an san kason, to takardar albashin ta zama takardar ciniki. Mafita ita ce ka faɗi jimlar abin da kake samu, ka kame bakinka game da yadda ake lissafa shi.

Wani lokaci mai tambaya yana da hujjar son sanin girman abin da ka riƙe. Wanda ya kula da cinikin miliyan goma ba ɗaya yake da wanda ya kula da na biliyan ba, kuma ba wanda zai ɗora maka babban yanki bai san ka taɓa ɗaukar nauyi ba. A nan ana ba da tazara mai faɗi: "tsakanin miliyan 500 da biliyan 1 a shekara." Sharaɗi biyu ne. Tazarar ta kasance mai faɗi da gaske, ƙarshenta ya kai ninkin farkonta ko ya fi. Sannan in an faɗe ta, a tsaya a kanta. Za a ce maka, "Ya haura 700?" In ka ce e, za a ce, "Ya kai 800?" Tambaya uku ta isa a kai ka bango. Amsar ita ce, "Yallaɓai, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan." Ko wannan tazarar ma, in yarjejeniyar aikinka ta yi tsauri, gara ka bar ta, ka nuna girman aikin ta wata fuska: jihohi nawa, garuruwa nawa, yara nawa ke ƙarƙashinka.

Suna ba ya ɓoyuwa da goge shi

Da muka koma kan jerin diloli, sai ya ce abu mai sauƙi ne, zai cire sunayen ya bar kwatance. Na farko da ya rubuta shi ne: wata Hajiya, babbar dila a wani gari na gabashin Jigawa, mai motocin rarraba kaya biyu. Na tambaye shi mata nawa ne ke sarin sabulu da motocinsu a wannan garin. Ya yi shiru, sannan ya ce ita kaɗai ce. To, ka faɗi sunanta ke nan, ka ma ƙara da adireshi.

Wannan ba matsalar kasuwannin mu kaɗai ba ce. A 1997 a jihar Massachusetts ta Amurka, an fitar da bayanan jinyar ma'aikatan gwamnati don masu bincike, bayan an goge sunaye da adireshi. Wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta ɗauki abubuwa uku da aka bari, ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo bayanan gwamnan jihar da kansa, William Weld. Kowanne daga cikin ukun nan shi kaɗai ba ya nuna kowa, haɗuwarsu ce ke nuna mutum da yatsa. To ina ga kasuwa irin Singa ko Kantin Kwari ko Dawanau, inda manya ba su da yawa kuma kowa ya san motar kowa?

Gwajin da na ba shi shi ne ya karanta kowane kwatance da idon wanda ya shekara ashirin a harkar, ya tambayi kansa mutum nawa ne wannan bayanin zai iya dacewa da su. In ba su kai biyar ba, a sassauta shi. Gari ya koma jiha ko shiyya, a cire jinsi da shekaru da yawan motoci, a cire duk wata kalma irin "mafi girma" ko "na farko" ko "shi kaɗai", domin waɗannan suna ne a cikin wata riga. Hajiyar nan sai ta koma "dila a Jigawa da muka fara hulɗa da shi a 2023".

Amma abin da ya fi wannan kyau shi ne a daina maganar mutane ɗai-ɗai gaba ɗaya, a koma maganar rukuni. Abokan cinikinsa kashi uku ne: 'yan sari na cikin kasuwa, manyan shagunan zamani, da masu saye don amfanin kansu, kamar makarantun kwana da otal-otal da asibitoci. Sai ya nuna kason kowane rukuni a cikin cinikinsa, da yadda ya sauya. Ko a nan akwai tarko. Manyan shagunan da yake kai wa kaya biyu ne kacal. In ya ce wannan rukunin na da kashi 12 cikin ɗari, wanda ya san abin da ɗaya ke ɗauka ya ɗebe kawai, ya samu na ɗayan. Shi ya sa hukumomin ƙididdiga a ƙasashe da dama ba sa buga jimlar rukunin da kamfanonin cikinsa ba su kai uku ba, ko wanda kamfani ɗaya ya mamaye shi. Muka bi wannan ƙa'idar, muka haɗe shagunan biyu da masu saye don amfanin kansu, rukuni ya koma biyu.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, sai da muka cire sunayen sannan ainihin ƙwazon yaron ya bayyana. Lokacin da ya karɓi yankin, diloli 18 ne, manya uku daga cikinsu ke ɗaukar kashi 60 cikin ɗari na kayan, wato katan 24,000. Wannan haɗari ne ga kamfani, domin ranar da ɗayansu ya yi fushi ko ya karye, ciniki ya durƙushe, kuma su ke yanka sharaɗin da suka ga dama. Zuwa 2024 dilolin sun kai 32, kason manyan uku ya sauko zuwa 45. Kashi 45 na 54,000 shi ne 24,300. Wato manyan ba su ragu ba, suna nan inda suke, kusan duk ƙarin ya fito ne daga ƙanana da sababbi da ya bi gari-gari ya nemo. A takardarsa ta farko wannan labarin ya nutse a cikin sunaye talatin da biyu, ba wanda zai lura da shi a minti goma. Yanzu ya zama jimla ɗaya: dogaro da manyan diloli uku ya sauka daga kashi 60 zuwa 45, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya rage ɗauka ba. Duk manajan ciniki da ya ji wannan zai ɗago kai.

Maganar bashi kuwa, ban yarda mu yi wani sassauci ba. Ya rage kwanakin da kuɗi ke yi a hannun diloli daga 45 zuwa 28, aiki ne babba, amma ko waɗannan kwanakin sirrin kamfani ne, domin suna nuna irin lamunin da yake bayarwa. Sai ya rubuta cewa ya rage jinkirin biya da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Su mutum huɗun da ya ja wa jan layi, ko da alama ba su fito ba. Ɗan kasuwa da mutuncinsa yake sari. Ranar da aka ji ana binsa bashi ya kasa biya, masu ba shi kaya su janye, masu binsa su taso masa a lokaci guda, mutumin da wata biyu za su ishe shi ya farfaɗo sai ya faɗi warwas. Haka wanda aka ji yana biyan miliyoyi duk mako, a wannan zamani na 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, ba kasuwarsa kaɗai ka taɓa ba, har da barcin iyalinsa.

Ga kuma doka. Mafi yawan takardun ɗaukar aiki suna da sashen riƙe sirri, kuma galibi yana ci gaba da aiki ko bayan mutum ya bar wurin. Na sa shi ya nemo tasa ya karanta, abin da bai yi ba tun ranar da ya sa hannu. Ban da wannan, Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a watan Yuni na 2023, da hukumar da ke sa ido a kanta. Dokar tana magana ne a kan bayanan ɗan Adam, ba na kamfani ba, amma dilolinmu da yawa mutane ne da ke ciniki da sunansu, don haka sunan mutum da lambar wayarsa da abin da ake binsa sun shiga ciki.

Abin da ke maƙale a bayan zane

Saura wani ɓangare da ido ba ya gani. Zanen da ke nuna hawan cinikinsa, daga Excel ya kwafo shi ya manna a PowerPoint. Na ce ya danna kan zanen da hannun dama na linzamin, ya zaɓi `Edit Data`. Sai ga teburin kamfanin ya buɗe, da sunaye da lambobi da komai. Sau da yawa in aka manna zane ta wannan hanya, yakan taho da takardar da aka ɗauko shi daga ciki, ko ya riƙe ainihin lambobin da aka zana shi da su. Da ya tura fayil ɗin yadda yake, da ya miƙa littafin cinikin kamfaninsa ga abokin hamayya bai sani ba.

Haka wanda ke ɗora baƙin layi a kan suna ya ɗauka ya goge. A watan Janairu na 2019, lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da takarda a kotu da baƙaƙen layuka a kan wasu sassa. 'Yan jarida suka kwafi wurin suka manna a wani shafi, rubutun da ke ƙasa ya fito tsaf. Lauyoyi ke nan a babbar shari'a.

Hanyar da ta fi aminci ita ce kada ka fara daga fayil ɗin kamfani sam. Yi lissafinka a gefe, buɗe sabon shafi fari fat, ka rubuta 100 da 115 da 135 da hannunka, ka zana daga su. Abin da bai taɓa shiga fayil ba, ba mai iya tono shi. In ka gama ka mai da shi PDF, ka duba sunan fayil ɗin da bayanan da ke ƙasan kowane shafi. Ka duba hotuna kuma. Yana da hoto mai kyau a gaban wani shago ana sauke kaya, allon shagon na bayansa da suna da lambar waya, lambar motar ma ana karanta ta. Hoton hirar WhatsApp da wani dila ke yaba masa shi ma muka cire, don ko an rufe sunan, hoton fuskar na nan a sama.

In an matsa maka

"To Kawu, in suka ce ba su yarda ba fa? Kowa ai zai iya rubuta 135."

Tambaya ce mai kyau, kuma nan ne iyakar wannan dabarar. Ma'aunin ɗari ba hujja ba ne, hujja daga wani wuri take zuwa. Akwai takardar yabo da kamfani ya ba shi a ƙarshen shekara, wadda aka miƙa masa a bainar jama'a. Akwai tsohon manajansa da ya yi ritaya, wanda zai iya cewa abin da yaron ya faɗa haka yake, ba tare da shi ma ya ambaci lamba ba. Sannan akwai hujjar da ta fi duka, wato iya bayanin yadda aka yi. Wanda ya yi aikin da gaske zai iya faɗin yadda ya tsara zagayensa ya bi ranakun kasuwannin ƙauye, da dalilin da ya sa ya roƙi a yarda ƙananan diloli su riƙa ɗaukar kaya kaɗan-kaɗan, da gwajin da ya yi bai ci ba. Maƙaryaci ba ya jure tambaya uku a nan.

Na kuma gargaɗe shi cewa ba duk mai kiran ganawa ne ke neman ma'aikaci ba. Akwai wanda labarin abokin hamayya yake farauta. Alamar ita ce tambayoyin su bar kanka su koma kan kamfaninku: nawa kuke ba dila a katan, wa ke ɗaukar muku kaya a Katsina, yaushe za ku ƙara farashi. Muka gwada amsar har ta zauna a bakinsa: "Ranka ya daɗe, wannan amanar inda nake ce. In na zo nan, haka zan riƙe taku." Ba da ɗaga murya ba, ba kuma da kame-kame ba. Akwai ma masu yin tambayar da gangan don su ga ko bakin mutum na da linzami.

Wannan duka a kan ma'aikaci ne. Mai kamfani da ke neman rance a banki, ko mai son wani ya zuba jari a harkarsa, dole wata rana ya buɗe littafinsa, haka ma gaban masu binciken kuɗi da hukumar haraji. Bambancin shi ne littafin nasa ne, shi ke da ikon buɗewa. Ko shi ma a hankali ake yi: zaman farko da kaso da rukuni, in magana ta yi nisa a sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin a fito da ainihin alƙaluma, sunayen abokan ciniki kuma su ne na ƙarshen fita.

Suna ɗaya ne yaron ya nace yana so ya ambata, wani dattijon dila da ya fara da katan kaɗan a hannunsa har ya zama abin kwatance. Na ce izini biyu yake bukata. Na farko ya duba ko takardar aikinsa ta hana ambaton abokan ciniki kwata-kwata. Da ya karanta, sai ya ga farashi da adadi da jerin diloli ta hana fitarwa, ga shi kuma kamfanin da kansa ya taɓa buga hoton dattijon a kalandarsa, don haka hulɗarsu ba ɓoyayya ba ce. Na biyu, ya je ya tambayi mai sunan, ya faɗa masa a gaban wa za a ambace shi da abin da za a ce.

Washegari da hantsi ya same shi a shago, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka ce ka san ni, ka ce muna hulɗa shekara uku ba mu taɓa saɓawa ba. In suna so su kira ni, ka ba su lambata. Amma abin da nake ɗauka da abin da nake biya, wannan tsakanina da ku ne."

Yaron ya ce, "To Alhaji, ko za ka turo mini wannan a rubuce, don kada in ƙara ko in rage?"

Kafin ya iso gida saƙon ya shigo wayarsa, layi uku. Su ya kwafa a shafin ƙarshe yadda suke, ya tafi ganawar da shafi biyar.